Yadda nake karanta rahoton shari'a idan jarrabawa ta matso

 A shekarata ta biyu a jami'a na taɓa cika shafi shida a kan shari'a ɗaya, amma da na shiga jarrabawa na kasa faɗin hukuncin a layi biyu. Tun daga ranar nake raba takarda gida huɗu. Bari mu gwada da shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932.

Gidan farko, me ya faru? A 1928, a garin Paisley na Sikotland, an saya wa Misis Donoghue lemon citta a kwalba mai duhu. Ta sha, da aka tsiyaye ragowar sai ga ruɓaɓɓen dodon-koɗi, in ji ta, kuma ta yi rashin lafiya. To wane bayani za ka ajiye? Cire shi ka gani, in hukuncin zai canja, to ajiye shi. Sunan gari ba ya canja komai. Amma ba ita ta biya kuɗin ba, don haka babu kwantiragi tsakaninta da kowa. Kwalbar kuma ba a ganin cikinta, babu mai iya dubawa kafin a sha. Waɗannan biyun su ne ƙashin bayan maganar.

Gida na biyu, tambayar da ke gaban kotu. Rubuta ta yadda za a amsa da e ko a'a: shin wanda ya sarrafa kaya yana da alhakin kula da wanda zai yi amfani da su, ko da babu kwantiragi?

Gida na uku, hukunci: e, alƙalai uku suka rinjayi biyu. A nan mutane ke zamewa, su rubuta wai kotu ta samu Stevenson da sakaci. Ba haka ba ne. Kotun ta ce ne in har abin da matar ta faɗa gaskiya ne, tana da hurumin ƙara. Ba a taɓa tabbatar da dodon-koɗin a kotu ba, daga baya sulhu aka yi.

Gida na huɗu, dalili. Lord Atkin ya ce dole ka kiyaye cutar da duk wanda hankali zai ba ka cewa aikinka zai shafe shi kai tsaye. Ra'ayin Lord Buckmaster, wanda bai yarda ba, sa shi a gefe da alama, kar ya shige maka cikin hukunci. Taƙaitawar da ke saman rahoton kuma edita ne ya rubuta ta, sai ka gwada ta da maganar alƙalan.

Da ka ga ka fara rubuta "a ganina", ko kana jawo shari'o'in da suka biyo baya, to ka bar bita ka koma sharhi. Ajiye biro, rufe takardar, ka faɗi gidajen huɗu da ka. Inda ka yi tuntuɓe, nan za ka koma.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.