Ajiyar Abinci a Ƙaramar Madafa

Maigida da uwargida, ku saurara. Yawancin madafunmu ƙanana ne, ba kabad, ba ɗakin ajiya. Saboda haka sai a jibge buhu da ƙwarya da tukunya a ƙasa, inda ɓera da kyankyaso ke yawo da dare. Ɓera ba cin abinci kaɗai ya ke yi ba, yana barin fitsari da kashi a kai. Ta haka ne zazzaɓin Lassa ke shiga gida, watau cutar nan da aka fara ganewa a garin Lassa, ƙasar Borno, cikin 1969. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dabarar kuwa guda ce: kada abin ci ya kwana a ƙasa, kada ya kwana a buɗe.

A ce madafarku taku takwas ce a tsawo, shida a faɗi, murhu da randa sun cinye rabinta. Duk da haka da sauran wuri uku da ba ku mora ba: rufi, da bango, da kusurwa.

Ku fara da rufi. Ku rataya ragaya biyu a jikin azara, nesa da murhu domin tsoron gobara. Ɗaya ta ƙwaryar nono, ɗaya ta sauran tuwo da miya, kowacce a rufe. Amma ɓera ya iya bin igiya. Don haka maigida ya nemi murfin babban gwangwani mai santsi, wanda faɗinsa ya kai taƙi guda ko fi, ya huda tsakiyarsa, ya zura igiyar, ya ƙulla ta a ƙarƙashinsa don kada ya zame. In ɓera ya sauko, murfin ya tare shi. Ku lura kada ragayar ta kusanci bango, gama daga can ya kan yi tsalle. Ku sani kuma ragaya ba ta hana abinci lalacewa. Abin da ya kwana, a ɗumama shi har ya tafasa, ko ya yi tururi har ciki, kafin a ci.

Sa'an nan bango. A kafa turaku biyu masu ƙarfi daidai ƙirjin babban mutum, a ɗora katako mai tsawon kamu uku. Kanta ta samu ke nan. A nan za a jera gishiri, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da barkono, kowanne cikin kwalba ko gwangwani mai murfi. Ƙunshin takarda ko na leda ba ya tsare kome, haƙorin ɓera yana ratsa shi. A ƙarƙashin kantar a buga ƙusoshi, a rataya ludayi da mara da muciya da moɗa. Moɗar da aka ajiye a ƙasa ita ke kai dauɗa cikin randa.

Kusurwa kuwa ta kaya masu nauyi ce. A jera tubali huɗu, a ɗora katako, tsayinsa daga ƙasa kamar taƙi guda, da ɗan rata tsakaninsa da bango yadda tsintsiya za ta shige. A kansa a ɗora bokitin gari da na wake, masu murfi da ke kamawa sosai. Kada ku shigo da hatsin da ya wuce na mako guda, sauran ya zauna a rumbu. Kafin a rufe hatsi, uwargida ta ciji ƙwaya guda. In ta fashe ƙaras, ya bushe. In ta lotsa, a mayar da shi rana, domin hatsi mai laima ya kan yi hunhuna a rufe. Hunhunar gyaɗa da masara tana da dafi mai lahanta hanta, dafuwa kuma ba ta kashe shi.

Kananzir da maganin ɓera da na ƙwari ba su da wuri a madafa ko kaɗan. A ajiye su can dabam, sama, inda yaro ba ya kai. Kada a zuba kananzir a kwalbar lemo, gama yaro ya kan ɗauka abin sha ne.

Kowace Jumma'a da safe ku sauke kayan, ku duba. In kun ga baƙin kashi kamar ƙwayar shinkafa, ko murfin da aka gaigaya, to ɓera ya samu hanya. Ku nemi raminsa ku toshe da tsakuwa da laka. Ku yayyafa ruwan sabulu kafin ku share, don kada ku shaƙi ƙurar. Abincin da ya taɓa kuwa, a zubar, kada a ce za a tsince.