Yadda Ake Cire Kalmar Sirri Daga Fayil Ɗin PDF

Fayil ɗin PDF da aka kulle da kalmar sirri ba ya nuna ko da shafi ɗaya sai an rubuta masa kalmar daidai. Bankuna da dama haka suke aiko da takardar bayanin asusu ta imel, wasu ma'aikatu ma haka suke yi da takardar albashi. Kullen yana kare takardar a hanya, amma yakan zama cikas idan ta iso hannun mai ita. Sai an rubuta kalmar duk lokacin da za a buɗe, kuma shafukan neman biza ko gurbin karatu sukan ƙi karɓar fayil a kulle. Wanda ya san kalmar yana iya fitar da kwafi mai buɗewa kai tsaye cikin ɗan lokaci kaɗan.

Tsarin PDF, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 1993, yana ba da damar sanya kalmomin sirri iri biyu. Ta farko ita ce kalmar buɗewa, wadda idan babu ita ba a ganin komai. Ta biyu ita ce kalmar izini, wadda mai fayil ke amfani da ita ya hana bugawa, ko kwafar rubutu, ko gyara. Bambance su ba shi da wahala: idan fayil ya nemi kalma kafin ya nuna shafin farko, kalmar buɗewa ce, idan ya buɗe amma ya ƙi buguwa, ta izini ce. Fayil ɗaya yana iya ɗauke da duka biyun.

Kalmar buɗewa ba ƙyaure ba ce da aka tura a gaban takarda. Rubutu da hotunan da ke ciki an hargitsa su ne ta hanyar lissafi, kuma sai da kalmar manhaja ke samun mabuɗin da zai mayar da su yadda ake karantawa. Tsofaffin fayiloli suna amfani da tsarin RC4, sababbi kuma suna amfani da AES mai ƙarfin bit 128 ko 256. Saboda haka babu wani wuri a cikin fayil da za a goge kalmar a huta. Abin da ake yi a kowace hanya iri ɗaya ne: a buɗe fayil ɗin da kalmarsa, a warware abin da ke ciki, sannan a rubuta shi a sabon fayil ba tare da kulle ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta burauza irin su Chrome, wadda ba ta buƙatar sabuwar manhaja. A ɗauki misalin ɗan kasuwar da banki ya aiko wa bayanin asusu na wata shida, mai shafi 12, mai suna `asusu.pdf`, ga shi kuma shafin da zai ɗora shi ya ƙi karɓa. Zai jawo fayil ɗin cikin burauza, ya rubuta kalmar da bankin ya faɗa a wasiƙarsa, shafukan su bayyana. Daga nan sai ya danna `Ctrl+P`. A wurin da aka rubuta `Destination`, maimakon sunan firinta sai ya zaɓi `Save as PDF`, ya tabbatar an zaɓi dukan shafuka, ya danna `Save`, ya ba sabon fayil ɗin wani suna daban kamar `asusu-bude.pdf`. A wayar Android ma akwai irin wannan zaɓi a ƙarƙashin `Print`.

Wannan hanya tana da iyaka, domin burauza ba ainihin fayil ɗin take kwafa ba, shafukan take sake zanawa kamar za ta buga su a takarda. Rubutu da hotuna suna fitowa, amma jerin babuka na gefe yakan ɓace, guraben fom da ake cikewa su daina karɓar rubutu, fayilolin da aka maƙala a ciki kuma ba sa biyowa. Girman shafi ma yana iya sauyawa idan an zaɓi wata takarda daban da ta asali. Idan kuma mai fayil ya hana bugawa da kalmar izini, hanyar ba za ta yi aiki ba. Ga bayanin asusu mai shafi 12 wannan rashi ba abin damuwa ba ne, amma ga littafi mai shafi 400 ko fom ɗin da ba a cike ba, asara ce babba.

A irin wannan hali manhajar da ke warware fayil ɗin kansa ta fi dacewa. Mai Adobe Acrobat Pro, wadda ake biyan kuɗinta, zai buɗe fayil da kalmarsa, ya shiga `File`, sai `Properties`, sai `Security`, ya mayar da `Security Method` zuwa `No Security`, sannan ya ajiye. Idan akwai kalmar izini, Acrobat zai neme ta kafin ya yarda da sauyin. Acrobat Reader na kyauta yana buɗe fayil a kulle, amma ba ya cire kullen ta wannan hanya.

Akwai kuma qpdf, manhajar kyauta da ke aiki a Windows da Linux da macOS, wadda ake ba umarni a rubuce. Idan kalmar ita ce `Kano2024`, umarnin shi ne:

```
qpdf --password=Kano2024 --decrypt asusu.pdf asusu-bude.pdf
```

Sunan farko na fayil ɗin da ke kulle ne, na biyu kuma na wanda za a samar. Manhajar tana barin rubutu da jerin babuka da guraben fom yadda suke. Idan ta amsa da `invalid password`, mafi yawan lokaci kuskuren rubutu ne: kalmar sirri tana bambanta babban baƙi da ƙarami, kuma wanda ya kwafo ta daga imel yakan haɗo da sarari a ƙarshenta bai sani ba. Kalma mai sarari ko alamomi irin su `&` tana buƙatar a sa ta cikin alamar zance.

Bayan an gama, sai a rufe komai a buɗe sabon fayil ɗin, a ga ko ya nemi kalma, a kuma ƙirga shafukansa a kwatanta da na asali. Mai qpdf yana da wani gwaji:

```
qpdf --show-encryption asusu-bude.pdf
```

Amsar `File is not encrypted` ita ce shaidar cewa kullen ya fita.

Abu ɗaya babu hanyar da ke kiyaye shi, wato sa hannun lantarki. Wannan sa hannu yana tabbatar da cewa fayil bai sauya ba ko da ɗigo tun da aka sa shi, cire kulle kuwa sake rubuta fayil ne gaba ɗaya. Don haka idan takardar tana ɗauke da shi, kuma inda za a kai ta suna duba shi, mafita ita ce a nemi wanda ya bayar da ita ya aiko da kwafi marar kulle mai sa hannunsa.

Shafukan intanet da ke cire kulle a kyauta suna aiki, amma mai amfani da su yana miƙa wa baƙo takardarsa da kalmarta a lokaci guda. Hatsarin ya fi girma idan kalmar lambar asusu ce, ko ranar haihuwa, ko wadda ake amfani da ita a wasu wurare. Haka nan wanda ya yi aikin a kwamfutar shagon buga takardu ya kamata ya goge kwafin da ya fitar, har daga kwandon shara na kwamfutar, kafin ya tashi.

Sabon fayil ɗin ba shi da wata kariya, duk wanda ya same shi zai karanta shi. Shi ya sa ake ajiye na asali a kulle yadda ya zo, a yi amfani da buɗaɗɗen don buƙatar da ta sa aka fitar da shi, sannan a goge shi idan buƙatar ta wuce.