Takardar Wakilci Zuwa Rasha: Abin da Ba a Rubuta Ba, Wakili Ba Ya da Shi

Tun daga shekarun 1960 ɗalibai daga Afirka ke zuwa Tarayyar Sobiyet karatun likitanci da injiniyanci, wasunsu kuma sun dawo gida da matan aure 'yan Rasha. Yau 'ya'yan waɗannan gidaje sun manyanta, kuma wasu sun gaji ɗaki ko gida a can ta wajen uwa. A ɗauka wata mata ce a Kaduna, gidan bene na mahaifiyarta a Mosko ya koma sunanta, tana son sayarwa, tafiya kuma ba ta yiwu ba. Ɗan kawunta da ke can ya ce zai tsaya mata. Sai lauyanta ya rubuta takardar wakilci da Turanci, a kan a fassara ta zuwa Rashanci. A wannan fassarar ne galibi aiki ke lalacewa.

A gida mun saba da wakilci mai faɗi. Idan ka ce wa ɗan'uwanka “na wakilta ka a kan gonata”, kowa ya san zai iya ba da haya, ya karɓi kuɗi, ya sasanta rikicin iyaka. Ma'aikacin rajistar gidaje a Rasha ba haka yake karatu ba. Takardar, wadda suke kira доверенность, layi-layi yake bin ta, ikon da bai gani a rubuce ba kuwa babu shi. Tunda gidan a Rasha yake da rajista, dokar can ce ke auna iyakar ikon wakili, ko da a Kaduna aka sa hannu.

Sashe na 209 na kundin dokokin mu'amala na Rasha ya kasa mallaka gida uku: riƙe abu, amfani da shi, da zartar da hukunci a kansa, wato sayarwa ko kyautarwa ko jinginarwa. Lauyan Kaduna, bisa al'adar aikinsa, yakan rubuta cewa wakili zai “kula da dukiyar, ya yi duk abin da mai ita za ta iya yi”. Mai fassara ya ga “kula” ya sa управлять. Bai yi ƙarya ba, amma kalmar ta tsaya ne a gudanarwa: biyan kuɗin ruwa da wuta, gyaran rufi, hulɗa da masu kula da ginin. Kalmar da ke ɗauke da ikon rabuwa da gida ita ce распоряжаться, kuma masu aikin sun fi natsuwa idan sun ga продать, wato sayarwa, ɓaro-ɓaro. Idan babu su, ɗan kawu zai samo mai saye, a gama ciniki, a kai takardu hukumar rajistar gidaje ta Rosreyestar, sai a dakatar da rajistar saboda ikon wakili bai kai nan ba.

Wanda bai san aikin ba zai ce mai fassara ya ƙara kalmar mana, ai niyyar matar ke nan. Ba shi da wannan hurumi. Aikinsa ya faɗi abin da ke cikin takardar asali, kuma wanda ya ƙara ikon da ba a bayar ba ya shiga gonar jabu. Kuskuren ya faru tun kafin takarda ta iso hannunsa.

Ikon sayarwa ma shi kaɗai bai isa ba. Ana jera sa hannu a yarjejeniyar ciniki, sa hannu a takardar miƙa gida, shigar da buƙatar sauya suna a rajista, da karɓar kuɗi, kowanne da sunansa. Na ƙarshen nan ya cancanci a yi tunani a kansa. Matar tana iya ba ɗan kawunta komai ban da karɓar kuɗi, ta rubuta cewa mai saye ya zuba su a asusunta na banki. A ganina wannan ya fi wa zumunci lafiya. Gidan kansa kuma a bayyana shi da cikakken adireshi da lambarsa ta rajistar filaye, kamar yadda suke a kundin gwamnati.

Akwai wurare biyu da dokar ta tsaurara. Idan niyyar ita ce a kyautar da gidan, sashe na 576 ya ce dole takardar ta ambaci wanda za a ba da abin da za a bayar, in ba haka ba takardar banza ce. Sashe na 182 kuma ya hana wakili ƙulla ciniki da kansa a madadin wanda ya wakilta shi. Ke nan idan ɗan kawun ne ke son sayen gidan, wani daban za a wakilta.

Kwanan wata ƙaramin abu ne mai rusa aiki. Bisa sashe na 186, takardar da ba ta ɗauke da ranar da aka yi ta ba ta da daraja, wadda kuma ba a faɗi wa'adinta ba shekara ɗaya take aiki. Wanda ya cinye watanni yana bin hatimai zai ga cewa shekarar ba ta da tsawo, don haka gara a rubuta shekara biyu ko uku a fili. Dā shekara uku ce iyaka, amma an cire wannan ƙa'ida a 2013.

Sai suna. Muhammad ɗaya ana iya rubuta shi da haruffan Rasha ta hanya uku ko fiye: Мухаммад, Мухаммед, Мохаммед. Mai fassara zai zaɓi wanda ya yi masa daɗi a kunne idan ba a ba shi madogara ba, alhali abin da ake nema shi ne ya dace harafi da harafi da yadda sunan matar da na mahaifinta suke a kundin rajista. Saboda haka a haɗa masa da kwafin takardar gadon da kuma fassarar fasfo da aka yi amfani da ita a baya. Haka kalmar “atoni” da ke kan takardun Turanci: wanda ya fassara ta da адвокат ya mai da ɗan kawu lauya, alhali представитель ne, wakili kawai.

Hatimai kuwa, Rasha na cikin yarjejeniyar Heg ta 1961 wadda ta taƙaita tantance takardu zuwa hatimi guda, amma Najeriya ba ta ciki. Don haka takardar Kaduna za ta bi doguwar hanya: notari, wato lauya mai hatimin shaida, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan sashen ƙaramin jakada na ofishin jakadancin Rasha. Fassarar da za a miƙa a Mosko dole ta haɗa da rubutun da ke jikin kowane hatimi. Kada kuma hatimin notarin Rasha a bayan fassara ya ruɗi kowa. Idan bai ji harshen ba, abin da yake shaidawa shi ne sa hannun mai fassara na gaskiya ne, ba wai fassarar daidai take ba.

Hanyar da ta fi kauce wa duk wannan ita ce a juya aikin. Ɗan kawu ya je wurin notari a Mosko da takardun gidan, a tsara masa rubutun da Rashanci yadda hukumar rajista da banki suka saba karɓa, ya aiko. Daga wannan rubutun lauyan Kaduna zai gina na Turanci, jimla da jimla, ana iya ma jera harsunan biyu kafaɗa da kafaɗa a shafi ɗaya. Kafin matar ta sa hannu, a tura hoton daftarin ga notarin da bankin da kuɗin zai bi ta cikinsa su duba, domin gyaran kalma ɗaya bayan an buga hatimai yana nufin sabuwar takarda da sake bin ofisoshin nan uku daga farko.