Yadda A Ke Rubuta Hanya Da Sakamako A Rahoton PCR

'Yan'uwa ɗalibai, abin da na fi gani a rahotanninku shi ne cakuɗa abin da ido ya gani da abin da zuciya ta zata. To, bari mu ɗauki misali guda, watau ninka wani yanki na DNA ɗin bakteriya mai suna 16S da firaima 27F da 1492R. Tsawon yankin nan kimanin bp 1,500 ne.

A sashen hanya, sai ka faɗi abin da aka yi yadda wani zai iya maimaitawa ba sai ya tambaye ka ba. Kada ka ce "an sa a inji" kurum. Ka ce haɗin mikrolita 25 ne, ka faɗi ƙarfin kowane abu da ke ciki. Sa'an nan zafi: digiri 95 na minti 3, sai zagaye 30, kowanne digiri 95 daƙiƙa 30, digiri 55 daƙiƙa 30, digiri 72 daƙiƙa 90, daga ƙarshe digiri 72 na minti 5. Wannan 55 ɗin lalle kada a manta da shi, gama a nan ne firaima ke kama wurinsa. In zafin ya yi ƙasa ainun, sai ya kama inda bai kamata ba. Jel kuwa, agaros giram 0.5 cikin mililita 50 na TAE, bolt 100, minti 45. A faɗi sunan rini da na tsanin awo.

A sashen sakamako, bi ramukan jel ɗaya bayan ɗaya. Rami na 1 tsani ne. Na 2 bakteriya ce wadda aka riga aka sani, ta ba da layi guda daidai da matakin 1,500. Na 3 haka nan. Na 4 ba layi. Na 5, inda aka sa ruwa maimakon DNA, shi ma ba kome. Ka rubuta "kimanin", domin jel kintace ya ke bayarwa.

Rami na 4 shi ne tarkon. Da yawa sukan rubuta "babu bakteriya". Wa ya gaya musu? Ido dai bai ga layi ba. Watakila DNA ɗin ne ya yi kaɗan, ko wani datti ya hana Taq aiki, amma wannan zance ne na sashen tattaunawa.

In kuwa layin 1,500 ya fito a ramin ruwa, a rubuta shi, kada a yanke hoton. Alama ce kayan haɗi sun gurɓata, kuma ba a dogara da rami na 3 sai an sāke. Dishi-dishin da kan fito can ƙasa da 100, yawanci firaimomi ne suka manne da juna. A ambace shi a bayanin da ke ƙarƙashin hoton.