Gyaran tsohon hoto a kwamfuta: a ina ake samo facin?

Tsohon hoto yakan lalace ta hanyoyi uku da aka saba gani: layin ninki inda aka lanƙwasa shi a aljihu ko ƙasan akwati, yagewa, da kusurwar da ta gutsure ko gara ta cinye. Kwamfuta na iya gyara dukkansu, sai dai mutane da yawa ba su san cewa kayan gyaran ba sa dawo da abin da ya ɓace ba. Daga sauran jikin hoton da ya tsira suke ɗebowa su rufe gurbin, kamar telan da ke yanko ƙyalle daga cikin kalmasar riga ya yi mata faci a gaba. Saboda haka gwanintar aikin tana ga sanin inda za a ɗebo.

Mu ɗauki hoton aure baƙi da fari na situdiyo, mai inci 3.5 da 5. Ango na tsaye da babbar riga mai aiki, amarya na zaune, bayansu labule, ƙasa leda mai gida-gida. Hoton ya rabu biyu ta kafaɗar ango, layin ninki ya ratsa kuncin amarya, kusurwa biyu babu.

Kafin a taɓa kwamfuta, kada a haɗa shi da salatif ko gam, domin gam ɗin yana rina takarda, in an zo ɓarewa kuma ya tafi da fatar hoton. A goge gilashin sikana, a jera gutsattsarin biyu kusa da juna ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, a ɗauke su a tashi ɗaya don haskensu ya zo daidai. A sa 600 dpi, wanda zai ba da fiksel 2100 da 3000, isasshe a buga hoton ninki biyun girmansa. A ɗauka da launi ko da baƙi da fari ne, don tabon rawaya ya fi sauƙin warewa a haka, a ajiye a TIFF. In layin ninki ya fito da inuwa mai kauri, a juya hoton a kan gilashin a sake ɗauka, fitilar sikana daga gefe ɗaya take haskowa.

Wurin haɗa gutsattsarin akwai ɗan sirri. Takarda ba ta yagewa a miƙe cikin kaurinta: ɓangare ɗaya yakan tafi da fatar hoton, ɗayan a bar shi da farin leɓe. A sa kowanne a Layer nasa, a ɗora mai fatar a kan mai farin leɓen, a yi ta matsawa da juyawa kaɗan-kaɗan har layin kafaɗa da zaren aikin riga su haɗu. Sau da yawa a nan rabin yagewar ke ɓacewa tun ba a yi faci ba.

Sai kayan aikin guda biyu. A Photoshop sunansu Clone Stamp da Healing Brush, a GIMP kuwa, wanda kyauta ne, Clone da Heal. Duka biyun sai an nuna musu wurin ɗebowa: a danne Alt a latsa wurin a Photoshop, ko Ctrl a GIMP, sannan a shafa a kan ɓarnar. Bambancinsu shi ne komai. Clone yana kwafo abin da ka nuna masa yadda yake, da haskensa da duhunsa. Heal, wanda ya shigo Photoshop 7 a 2002, yanayin fatar wurin kawai yake ɗaukowa, sannan ya daidaita haske da launi da abin da ke kewaye da inda ka shafa. Shi ya sa a tsakiyar labule ko goshi Heal ke aiki kamar ba a taɓa ba. Amma kai shi bakin farar riga inda ta haɗu da baƙin labule, sai ya jawo duhun ya dama cikin farin, ka ga wani toka-toka kamar hayaƙi. Haka yake yi a bakin kusurwar da ta gutsure, yana jawo farin gurbin ciki. Da ka ga wannan hayaƙin, ka san wurin na Clone ne.

Don haka Clone ke fara shiga, ya gina iyakoki, Heal ya biyo baya ya share sawu. A buɗe sabon Layer fanko a sama, a sa Sample a kan Current & Below (a GIMP a kunna Sample merged), yadda duk facin zai zauna shi kaɗai, asalin na ƙasa lafiya lau. A kafaɗar ango, a ɗebo daidai kan layin kafaɗar, ɗan nesa da yagewar, a sauke shi kan inda layin ya kamata ya ci gaba. Burushi ya ɗan fi faɗin yagewar kaɗan: in tsagar fiksel 12 ce, 18 zuwa 20 ya isa. Bakinsa kada ya yi kaifi sosai, zai bar shaidar da'ira. Kada kuma ya yi laushi sosai, zai narkar da yashi-yashin nan na tsohon hoto, wurin ya yi sumul kamar roba. Kuskuren da ya fi tona asirin sabon hannu shi ne maimaici: an ɗebo daga wuri ɗaya an yi ta shafawa, sai ɗigo guda ya fito sau huɗu a jere. Maganinsa a riƙa sauya wurin ɗebowa bayan shafa biyu ko uku, wani daga sama, wani daga ƙasa.

Fuska ta fi ko'ina neman haƙuri. A kuncin amarya a ƙara girman hoton zuwa 200%, a yi ɗigo-ɗigo da ƙaramin Heal maimakon dogon ja, a ɗebo daga kuncin nan dai, dab da layin. A nan dole a tambayi 'yan gida, domin a hotunan iyaye da kakanni akwai zanen fuska, bille ko shasshawa, kuma mai gyaran da bai sani ba yana iya share shi da zaton ƙarzuwa ce. In ido ɗaya ya lalace, wasu kan kwafo ɗayan su juya shi. Ina ganin wannan dabarar ƙarshe ce, don fuskar mutum ba ta zama daidai wa daida, hasken ƙwayar idon ma sai ya koma ɓangaren da ba nan fitilar take ba, 'ya'yanta su kalla su ce ba ita ba ce.

Kusurwar sama, inda labule ne kawai, aikin minti kaɗan ne: a cike da Clone ana bin saukar ninkin labulen, a bi mahaɗar da Heal. Ta ƙasa ta fi wuya, saboda gidajen leda suna ƙara girma yayin da suke matsowa kusa da kyamara, don haka daga sahu ɗaya za a ɗebo, hagu ko dama, ba daga sama ba. In gurbin ya cinye ƙafar ango gaba ɗaya, babu inda za a aro ta a hoton, gara a datse ƙasan kaɗan da a ƙirƙira masa takalmin da bai taɓa sawa ba.

In an gama, a koma 100%, a kashe Layer ɗin facin a kunna sau da yawa. Duk inda ido ya tsaya, akwai saura. A ajiye kwafi mai Layer a PSD ko XCF don gyaran gaba, a fitar da JPEG na bugawa da turawa dangi, takardar asali kuma a sa ta a kwance cikin ambulan, nesa da damshi da rana.