Data na nan, intanet babu: matsalar waya mai sim biyu

Wata ranar Asabar da yamma maƙwabcina, tela ne, ya leƙo shagon da muke zaman hira riƙe da wayarsa, ransa a ɓace. Ya sayi data giga biyu tun da safe, saƙon tabbaci ya shigo, amma hoton ɗinkin da wata mata ta turo masa ta WhatsApp ya ƙi buɗewa. Ya kashe wayar ya kunna har sau uku. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne katin naira 500 da ke ɗaya layin nasa ya ƙare ƙarƙaf, alhali bai kira kowa ba. A ganinsa kamfanoni biyu ne suka haɗa baki suka cuce shi rana guda.

Na karɓi wayar na duba saman gilashinta. Sandunan sabis biyu ne a jere, na sim na ɗaya da na sim na biyu, kuma ƴar alamar nan ta 4G tana manne da na ɗaya. Na ce masa, “Malam, a wane layi ka sa datar?” Ya ce a na biyu, sabon da ya yanka saboda kwastomomi. To, a nan gizo ke saƙar.

Abin da mutane da dama ba su lura da shi ba shi ne, waya mai sim biyu tana sauraron kira da saƙon tes a layukan biyu lokaci guda, amma intanet ta layi ɗaya tak take ɗaukarsa. Kamar gida ne mai tankin ruwa biyu da famfo ɗaya: tankin da aka jona wa bututu shi zai ba da ruwa, ko da ɗayan ya cika ya batse. Wayar kuma ba ta san inda ka zuba kuɗinka ba. Lissafin data yana wurin kamfanin sadarwa, a kan lambar da aka saya wa. Ita dai wayar umarnin da aka ba ta a saiti take bi, ko ya dace ko bai dace ba.

Saboda haka wayar telan nan tun safe ta layin da ba shi da data take neman intanet. Da farko ta samu, domin idan layi ba shi da data amma akwai kati a ciki, ana iya cirar kuɗin intanet daga katin kai tsaye, a farashin da ya fi na datar da aka saya a dunƙule tsada nesa ba kusa ba. Hotuna kaɗan, da manhajojin da ke sabunta kansu a ɓoye, sun isa su lashe naira 500. Da katin ya ƙare, sai komai ya tsaya cak. Alamar 4G kuwa tana nan daram, domin ita shaida ce kawai cewa wayar ta haɗu da turken sabis. Ba ta nufin kamfani ya buɗe maka hanya.

Kafin a taɓa saiti, gara a tabbatar. A Najeriya, tun 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa ta daidaita lambobin da ake dannawa a duk layuka: *323# na nuna ragowar data, *310# kuma ragowar kati. Danna *323#, wayar za ta tambaye ka ta wane sim, ka gwada kowanne daban. Da muka yi haka, sim na biyu ya nuna giga biyunsa cif, ko mega ɗaya ba a taɓa ba, na ɗaya kuma ya nuna babu komai. Datar da ba ta motsa ba bayan an yini ana ƙoƙarin shiga intanet, ga kuma katin ɗaya layin yana zurarewa, ita ce babbar shaidar wannan matsala.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. A wayoyin Samsung ana shiga Settings, sai Connections, sai SIM manager, a taɓa Mobile data a zaɓi layin da ke da data. A Tecno, Infinix da itel sunan wurin yana ɗan bambanta daga wannan samfuri zuwa wancan, don haka hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe Settings a rubuta SIM a gurbin bincike na sama, sannan a nemi inda ake zaɓar layin data. A iPhone ana shiga Settings, sai Cellular, sai Cellular Data; a wasu an rubuta Mobile Data ne. Bayan an zaɓa, a ɗan jira daƙiƙoƙi, sabis zai iya ɗaukewa ya dawo, alamar 4G ta koma gefen layin da ya dace. Idan ta yi nawa, a kunna Airplane mode a kashe. Muna yin haka saƙonnin telan suka fara shigowa rututu.

Ya tambaye ni, “To wa ya canza min? Ni ban taɓa komai ba.” Da muka bi diddigi, ashe ranar da ya sa sabon sim wayar ta fito da tambaya da Turanci a kan layin da zai yi amfani da shi wajen data, shi kuwa ya danna abin da ya fara gani don ta kauce masa. Haka ma yakan faru idan an cire sim wajen mai gyara aka mayar da su a ramukan juna, ko yaro ya karɓi waya yana latse-latse. Akwai kuma wanda saitinsa daidai yake, kuskuren wajen saye ya faru: ya sayi data ta manhajar banki, ita kuma ta cika masa tsohuwar lambarsa da kanta. Shi wannan sai dai ya juya wayar zuwa layin da datar ta faɗa.

Akwai wani saiti da ya kamata a yi hattara da shi. Sababbin wayoyi suna da zaɓin sauya layin data da kansu idan sabis ya yi rauni. A iPhone sunansa Allow Cellular Data Switching, a wayoyin Android kuma za ka ga wani abu mai ɗauke da kalmomin data switching. An yi shi ne don wanda layukansa biyu duk suna da data. Ga mai data a layi ɗaya, ni dai shawarata a kashe shi, domin ƙofa ce ta cinye kati ba da saninka ba. Ƴan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi da sim ɗin ƙasashen biyu a waya ɗaya su suka fi kowa buƙatar lura: da zarar an tsallake iyaka, layin gida ya zama baƙo, ko dai ya ƙi ba da intanet, ko kuma, idan Data roaming na kunne, ya ba da shi da tsada.

Idan an zaɓi layin da ya dace, data na nan, amma har yanzu shiru, to matsalar ta wuce wannan. Sai a duba Access Point Names na wannan sim ɗin a danna Reset to default, a kuma karanta saƙon saye da kyau, don wata datar ta dare ce kawai, wata kuma ta shafukan sada zumunta ce kaɗai.

Kafin telan ya tafi, na sa ya canza sunayen layukan a wurin saitin sim: ɗaya ya zama “Kira”, ɗaya “Data”. Kai ma mai karatu, in wayarka har yanzu SIM 1 da SIM 2 take nuna maka, ka raɗa musu suna yau, kafin ka sake sayen data.