Kafin a Ɗora Fuska a Kan Wani Hoto: Yadda Ake Zaɓen Hotunan da Za Su Dace

Duk wanda ya taɓa tara iyali don ɗaukar hoton Sallah ko na biki ya san wannan matsala. An tsaya an shirya, kowa ya yi kyau, sai a duba hoton a tarar maigida ya rufe ido, ko amarya ta waiga daidai lokacin da aka danna. Jama'a sun watse, ba halin sake tara su. A nan ne masu gyaran hoto ke ciro fuskar mutumin daga wani hoton nasa su ɗora a kan wanda ya ɓaci. Aikin ya yi sauƙi yanzu, har kamfanin Google ya saka shi cikin wayarsa Pixel 8 a 2023 da sunan Best Take. Amma mafi yawan irin waɗannan hotuna da ake gani suna da wani abu da ido bai yarda da shi ba, ko da mai kallo ya kasa faɗin mene ne. Galibi laifin ba na manhaja ba ne. Tun wajen zaɓen hotunan biyu aka yi kuskure.

Don sauƙin bayani, bari mu kira wanda za a ciro fuska daga cikinsa hoton fuska, wanda za a ɗora masa kuma hoton jiki.

Kan mutum yana motsi iri uku. Yana langaɓewa zuwa kafaɗa, yana waigawa hagu ko dama, yana kuma ɗagawa sama ko sunkuyawa ƙasa. Na farko ba shi da wahala. Idan kai ya langaɓe, duk abin da ke fuskar yana nan a bayyane, juya hoton kawai za a yi har idanu su hau layi ɗaya da na hoton jiki. Sauran biyun ne ke kawo cikas, domin da zarar mutum ya waiga, wani ɓangare na fuskarsa ya ɓuya daga kyamara, wani kuma ya ƙara fitowa. Abin da kyamara ba ta gani ba babu shi a hoton. Ana iya ƙara girman fuska, a rage, a gyara launinta, amma ba a iya fito da kuncin da ya ɓuya. Manhajojin zamani da ke cike gurbin ƙirƙira suke yi, shi ya sa sau da yawa ake samun fuska mai kyau wadda ba ta yi kama da mai ita ba.

To ta yaya za a gane cewa waigen hotunan biyu ya zo ɗaya? Mutane sukan duba idanu, alhali idanu suna ruɗi. Idan mutum ya waiga da digiri 15, tazarar da ke tsakanin idanunsa a hoto kashi 3 cikin ɗari kawai take raguwa, abin da ido ba zai lura da shi ba. Sai ya kai digiri 30 take raguwa da kusan kashi 13. Hanci ne ke faɗin gaskiya, saboda shi ya turo gaba. Hancin da ya fito santimita 2 daga fuska zai gusa gefe da kusan rabin santimita a waigen digiri 15, ya gusa santimita guda a digiri 30. A fuskar mutum rabin santimita ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka a auna daga tsinin hanci zuwa gefen fuska ta dama, a auna ta hagu, a kwatanta a hotunan biyu. A kuma duba kunnuwa: idan a hoton jiki ana ganin kunne ɗaya sosai, ɗayan ya kusa ɓacewa, a hoton fuska kuwa duka biyun suna fitowa daidai, hotunan ba su dace ba.

Ɗaga kai da sunkuyawa ma kunne ne ke tona su. Mutumin da ke kallon kyamara kai tsaye, saman kunnensa yana kusa da layin gira, ƙasan kunnen kuma yana kusa da layin ƙasan hanci. In ya sunkuya, kunnuwa su hau sama, goshi ya yi faɗi, a riƙa ganin saman hula. In ya ɗaga, kunnuwa su sauko, ƙofofin hanci su bayyana, a ga ƙarƙashin haɓa. Ga mace mai hijabi ko wadda ɗankwali ya rufe mata kunne, ƙofofin hanci da faɗin goshi su ne abin dubawa. Tsayin kyamara ma yana haifar da irin wannan bambanci ko da mutum bai motsa ba. Hoton da aka ɗauka daga sama tamkar na mai sunkuyawa ne.

Akwai dabarar da ke saurin zuwa ran mai gyara idan ya ga fuska tana kallon dama, jiki yana kallon hagu: ya danna Flip Horizontal, fuskar ta juya. Waigen zai daidaita, amma fuskar ɗan Adam ɓangarorinta biyu ba ɗaya ba ne. Bayan an kashe shugaban Amurka Abraham Lincoln a 1865, an buga wani shahararren hotonsa a tsaye wanda a zahiri jikin wani ɗan siyasa ne, John C. Calhoun, aka ɗora wa kansa. An juya kan don ya dace da jikin, sai ɗan tsiron da ke kuncinsa na dama ya koma hagu, kuma wannan alama ce ta tona asirin daga baya. A wajenmu abin ya fi fitowa fili. Mai bille a kunci ɗaya, ko haƙorin Makka a gefe guda, ko tabon da danginsa suka sani, da an juya fuskarsa uwarsa za ta gane a kallon farko. Haske ma juyawa yake yi: inuwar hanci ta faɗi hagu alhali inuwar kowa a hoton tana dama.

Sai yanayin fuska, wanda ake yawan rainawa. Murmushi ba a baki kaɗai yake tsayawa ba. Likitan Faransa Duchenne de Boulogne ya nuna a littafinsa na 1862 cewa murmushin gaske yana haɗa tsokar da ke jan gefen baki sama da tsokar da ke kewaye da ido. Kumatu su ɗaga, ido ya ƙanƙance, fata ta tattare a gefensa. Idan kuma dariya ce, muƙamuƙi ya sauka, fuska ta ƙara tsawo, haɓa ta matso wuya. Yawancin aikin musanya fuska tsakiyarta kawai yake ɗauka, daga gira zuwa ƙasan leɓe, ya bar haɓa da gefen kunci da kunnuwan hoton jiki. Ka ga idan aka ɗauko fuska mai ƙyalƙyala dariya aka ɗora a kan wadda bakinta ke rufe, babu wurin da buɗaɗɗen bakin zai zauna. Ko dai haɓar ta yi gajarta, ko manhaja ta matse bakin haƙora su cakuɗe. In aka yi akasin haka, sai a samu doguwar haɓa da kumbararrun kumatu kewaye da bakin da bai yi dariya ba.

Mu ɗauki misali. A ce hoton iyali ne na mutum takwas a tsakar gida da la'asar, rana tana zuwa ta hagun hoton. Alhaji yana zaune a tsakiya da hularsa, ya ɗan waiga wajen uwargida, yana murmushi baki rufe, amma ya ƙifta ido. Akwai hotunansa guda uku da za a zaɓa. Na farko hoton fasfo ne, tas da shi, yana kallon gaba sak, fuska ba yabo ba fallasa. Na biyu hoton da ya ɗauki kansa ne da waya, yana murmushi, waigen ma ya yi kusa. Na uku an ɗauke shi daƙiƙu kaɗan bayan wanda ya ɓaci, yara sun motsa sun lalata shi, amma idon Alhaji a buɗe yake.

Hoton fasfo shi ya fi kyau a ido, kuma shi ne mafi rashin dacewa. Hancinsa yana tsakiya alhali kan da ke hoton jiki ya waiga, haskensa ta gaba ya zo babu inuwa, kumatunsa kuma a kwance suke. Na biyun yana da wani aibi da ba kowa ya sani ba, wato nisan kyamara. Wani bincike da aka buga a 2018 a mujallar JAMA Facial Plastic Surgery ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga nisan kusan santimita 30 yana sa hanci ya yi girma da kusan kashi 30 cikin ɗari idan aka kwatanta da wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Hoton iyali kuwa daga mita uku ko huɗu ake ɗaukarsa. In aka haɗa su, hancin Alhaji zai rinjayi fuskarsa. Na ukun shi ne zaɓi, ko da bai kai sauran fitowa tas ba, domin kyamara ɗaya ce, nisa ɗaya, rana ɗaya, zama ɗaya.

Duk da haka sai an gwada. A Photoshop ko makamancinsa, a ɗora fuskar a saman hoton jiki, a rage Opacity zuwa 50 yadda za a riƙa ganin duka biyun. A daidaita girma da langaɓewa har ƙwayoyin idanu su hau kan juna, daga nan kada a ƙara taɓa komai, a duba wurare uku: tsinin hanci, gefunan baki, da ƙasan haɓa. Idan hanci ya rabu biyu ta gefe, waige ne bai zo ɗaya ba. Idan ya rabu sama da ƙasa, ɗaga kai ne. Idan hanci ya hau amma baki da haɓa sun saɓa, yanayin fuska ne ya bambanta. A misalinmu, in komai ya hau, ba ma sai an canza fuskar duka ba. Idanu da gira kaɗai za a ciro, a bar sauran yadda yake, domin iya ƙanƙantar abin da aka canza, iya wuyar gane ɗinkin.

Abu na ƙarshe da za a duba shi ne inda idon yake kallo. Kai yana iya dacewa sarai, amma idan kowa yana kallon kyamara, Alhaji shi kaɗai yana kallon ƙofa, an gyara ƙiftawa an kawo wata matsalar.

A ganina, in gwajin nan ya nuna saɓani mai yawa, gara a haƙura a nemi wani hoton da a yi ta jan fuska ana murɗa ta da kayan gyara. Duk murɗawar da aka yi tana rage kamanni, kuma kamannin ne dalilin yin aikin tun farko. Haka nan fuskar mutum amana ce. Gyara hoton iyali da sanin masu shi daban, ɗora fuskar wani ko wata a jikin da ba nasu ba ba tare da izini ba kuma daban, wannan cin mutunci ne da ke iya kashe aure ko ya kai mutum gaban alƙali.

Ga masu ɗaukar hoton taro, shawarata ita ce idan kun tsayar da jama'a kada ku danna sau ɗaya ku sallame su. Ku tsaya a wuri guda, kada ku ɗaga kyamara ko ku sauke ta, ku ɗauki biyar ko shida a jere kafin kowa ya motsa.